Ƙarancin Filatilet na Ƙarya: Yadda Kwalba Kan Yaudari Na'ura

Filatilet su ne mafi ƙanƙanta cikin ƙwayoyin jini, aikinsu kuwa toshe rauni domin jini ya tsaya. Mai lafiya yana da kimanin 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikurolita ta jini. Idan suka yi ƙasa ƙwarai, akwai haɗarin zubar jini. To amma wani lokaci ƙarancin a takarda kawai yake, ba a jikin mutum ba.

Ana zuba jinin da za a ƙirga a kwalba mai murfi shunayya, wadda ke ɗauke da sinadarin EDTA. Shi wannan sinadari yana kama kalsiyam, ya hana jinin daskarewa. Sai dai janye kalsiyam ɗin yana sauya siffar wani furotin da ke jikin filatilet. Wasu mutane, kimanin 1 cikin 1,000, suna da sojojin garkuwar jiki da ke maƙale wa furotin ɗin da zarar ya sauya, sai filatilet su dunƙule curi-curi. Ita kuwa na'ura da girma take gane ƙwaya. Curi ya fi filatilet girma, saboda haka takan tsallake shi, ko ta lissafa shi cikin fararen ƙwayoyin jini.

Mu ɗauka an ɗebi jinin wata ɗaliba a Gwaram da safe, ba a gwada shi a Birnin Kudu ba sai da azahar. Dunƙulewar tana ƙaruwa ne gwargwadon daɗewar jinin da hucewarsa. Na'ura ta nuna 40,000, alhali yarinyar ba ta haɓo, dasashinta ba ya jini. A nan ne ya kamata a yi shakka.

Sai ma'aikaci ya ɗiga jinin a kan gilashi, ya ja shi da wani gilashin har ya yi siriri, ya rina da rinin Leishman, sannan ya duba da madubin likita. Gefuna da wutsiyar shafin zai fara dubawa, domin can ne curin yakan taru. In ya ga tarin filatilet manne da juna, adadin na'ura ya faɗi.

Daga nan sai a sake ɗibar jini a kwalba mai shuɗin murfi, mai sinadarin sitiret, a ƙirga nan take. Da yake kashi 1 na ruwan sitiret ake haɗawa da kashi 9 na jini, akan ninka sakamakon da 1.1. Idan na'ura ta nuna 190,000, adadin gaskiya 209,000 ke nan. A wasu mutanen ko a sitiret ana samun curi, don haka shi ma a shafa a duba.

Amma a kula, zazzaɓin cizon sauro yana rage filatilet da gaske. A shafin irin wannan majiyyaci za a gan su jefi-jefi, babu curi. Bambance waɗannan biyu shi ke hana a ɗage tiyata, ko a yi wa mai lafiya ƙarin filatilet ba gaira ba dalili.