Tsohon Wasa Ya Ce Babu d3dx9_43.dll

Idan tsohon wasa ya ƙi buɗewa a sabon Windows, yana cewa babu d3dx9_43.dll, kada ka je neman wannan fayil shi kaɗai a intanet. Fayil ɗin wani ɓangare ne na kunshin DirectX 9, wanda Windows 10 da 11 ba sa zuwa da shi cikakke. Duba babban fayil na wasan, sau da yawa akwai DXSETUP.exe a ciki; in babu, sauke DirectX End-User Runtimes na Yunin 2010 daga Microsoft.

Wani zai ce ai sauke fayil guda ya fi sauri. Gaskiya ne, amma yana iya zuwa da ƙwayar cuta, ko ya zama na 64-bit alhali wasan 32-bit ne, sai ka faɗa kuskuren 0xc000007b. Idan kuma MSVCR100.dll ne ya ɓace, girka Visual C++ 2010 samfurin x86 in wasan 32-bit ne, ko da kwamfutarka 64-bit ce.