Amsoshin Tambayoyinku: Ajiye Dafaffen Abinci Idan Babu Wuta

Wata mai sauraronmu daga Gusau ta rubuto tana cewa: "Wutar lantarki kan yi kwanaki ba ta dawo ba. Yaya zan ajiye miya da shinkafa kada su lalace?"

To Hajiya, mun gode da wannan tambaya. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abinci mai ɗumi-ɗumi, wanda bai yi zafi sosai ba, bai kuma yi sanyi ba. A zafi irin namu, dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye haka. Awa biyu, Hajiya.

Idan miya ce za ta kwana, ki mayar da ita kan wuta da dare ta tafasa, kina juyawa har zafin ya ratsa naman ciki. Tafasa muke nufi, ɗumamawa kawai ba ta isa ba. Ki rufe tukunyar tun tana tururi, kada a sake sa cokali ko hannu a ciki. Da asuba ki sake tafasa ta kafin kowa ya ci. Wannan dabara rage haɗari take yi, don haka kada miyar ta kwana biyu.

Shinkafa kuwa, a nan nake roƙonki ki kiyaye. Akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dahuwa, ta saki guba idan shinkafa ta daɗe a ajiye, kuma ɗumame ba ya kashe wannan gubar. Tana sa amai, alhali shinkafar ba ta yi wari ba. Ki dafa daidai cin lokaci ɗaya.

In kin ga kumfa, ko yauƙi, ko kin ji tsami, ki zubar, kada a ba yara.