Yadda Ake Tantance Amsoshin Tsaro na Kamfanin Manhaja Kafin a Sa Hannu

A ɗauka wata makaranta mai zaman kanta tana son sayen manhajar da za ta riƙe mata sunayen ɗalibai, lambobin wayar iyaye da bayanan kuɗin makaranta. An tura wa kamfanin da ke sayar da manhajar takardar tambayoyin tsaro, ya cike ya dawo da ita, kusan kowane layi an rubuta “Yes”. Shugaban makarantar ya miƙa takardar ga matashin da ke kula musu da kwamfutoci, ya ce ya duba kafin a sa hannu ranar Litinin.

Abu na farko da matashin nan zai riƙe shi ne, kamfanin da kansa ya cike takardar, kuma ciniki yake nema. Wannan ba ya nufin ƙarya ya yi. Yana nufin kowace amsa iƙirari ce har sai an ga abin da ya tabbatar da ita. Tunda ba za a iya bin kowane layi ba, sai ya ware amsoshin da idan ba gaskiya ba ne makarantar za ta ji a jikinta, ya nemi hujjarsu.

Amsar da ta fi ruɗar mutane ita ce ta takardar shaida. An tambayi kamfanin ko yana da shaidar ISO/IEC 27001, ya amsa da cewa bayanansa suna kan AWS, kuma AWS yana da wannan shaida. Maganar gaskiya ce, amma ba ita aka tambaya ba. Shaidar AWS ta shafi gine-gine, injina da tsarin AWS ne kawai. Yadda kamfanin ya rubuta manhajarsa, da waɗanda ya ba ikon shiga rumbun bayanai, duk suna wuyansa. Mai haya a gida mai ƙaƙƙarfan ƙyaure zai iya barin ƙofar ɗakinsa a buɗe.

Idan kuwa kamfanin ya ce shi ma yana da tasa shaidar, to a nemi kwafinta a karanta. Sunan da ke jiki ya zama shi ne sunan da zai fito a kwangila, ba na wani kamfani ɗan'uwansa ba. Sai kwanan wata: shaidar tana aiki shekara 3, ana sake bibiyarta kowace shekara, kuma wadda aka bayar bisa bugun 2013 ta daina aiki tun ƙarshen Oktoban 2025, yanzu bugun 2022 ake bi. Wurin da ya fi muhimmanci shi ne layin da aka rubuta “Scope”, wato iyakar abin da aka bincika. Kamfani zai iya samun shaida a kan ofishinsa ɗaya ko wata manhajarsa daban, alhali wadda makarantar za ta saya ba ta ciki. Ƙungiyar ISO kuma ba ta bayar da wannan shaida da kanta, kamfanonin bincike ne ke bayarwa. Don haka sunan wanda ya bayar da lambar shaidar suna jiki, ana iya tuntuɓarsa a tabbatar.

Wasu kamfanonin rahoton SOC 2 suke nunawa, shi ma iri biyu ne. Type 1 yana cewa a rana kaza an duba tsarin an ga an tsara shi daidai. Type 2 yana cewa an bi tsarin tsawon watanni an ga ko ana aiki da shi. Na biyun ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Yawanci sai an sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri kafin a ba da rahoton, wannan ba abin zargi ba ne. Idan ya zo hannu, a wuce shafukan farko a nemi inda mai binciken ya rubuta “exceptions”, nan ne ya lissafa wuraren da aka gaza.

To idan kamfanin ƙarami ne, mutum biyar ko shida, ba shi da ko ɗaya fa? Wannan kaɗai bai isa a kore shi ba, domin binciken yana cin kuɗi. Ƙaramin kamfanin da ya ce kai tsaye ba shi da shaida ya fi wanda ya rataya tambarin AWS yana kiransa nasa. Sai dai a nan matashin zai nemi a nuna masa da ido.

Misali, an tambaya ko ana amfani da tabbatarwa mai mataki biyu, an amsa da “MFA is supported”. Ma'anar jimlar nan ita ce akwai damar kunnawa. Ba ta ce an tilasta wa kowa ba, ba ta kuma ce komai a kan ma'aikatan kamfanin, waɗanda su ne ke iya ganin bayanan kowace makaranta. Hujjar mai sauƙi ce: a kiran bidiyo, ma'aikacin kamfanin ya raba allonsa, ya buɗe jerin asusun masu cikakken iko, a ga nawa ne kuma ko kowanne an kunna masa. Idan jerin ya fi yawan ma'aikatan, wataƙila akwai asusun waɗanda suka bar aiki ba a rufe ba.

Haka amsar “daily backups”. Ajiye kwafin bayanai kullum abu ne mai kyau, amma kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba babu wanda ya san ko yana aiki. Tambayar da za a yi ita ce yaushe aka yi gwajin dawowa na ƙarshe, awa nawa ya ɗauka, kuma ina rubutaccen bayaninsa. A kuma tambaya ko kwafin yana cikin asusu ɗaya da asalin bayanan, domin idan haka ne, wanda ya kutsa asusun zai iya goge duka biyun.

Akwai amsar da babu hujjar da za ta tabbatar da ita a yau, wato alƙawarin sanarwa idan an yi kutse. A Janairun 2022 an kutsa kwamfutar wani ma'aikacin Sitel, kamfanin da ke taya Okta kula da kwastomomi. Kwastomomin Okta ba su ji labari ba sai a watan Maris, bayan ƙungiyar Lapsus$ ta wallafa hotunan allo. Saboda irin haka ake neman jerin sauran kamfanonin da bayanan za su ratsa ta hannunsu, irin su mai tura saƙon tes da mai karɓar kuɗi.

A Najeriya, dokar kare bayanai ta 2023 ta ba mai bayanan, wato makarantar, awa 72 daga lokacin da ya sani ya sanar da hukumar NDPC idan kutsen zai iya cutar da mutane. Idan kamfanin ya rubuta “promptly” kawai, babu wanda zai iya auna wannan kalma. A sa adadi a kwangila, misali awa 24 ko 48 daga lokacin da kamfanin ya gano, kuma a haɗa da kutsen da ya faru a wurin waɗanda yake ba aiki.

Ranar Litinin matashin zai kai wa shugaban makaranta buƙatu huɗu: kwafin shaidar ko amsa a rubuce cewa babu, kiran bidiyo don ganin asusun masu iko, bayanin gwajin dawo da kwafi, da sakin layin sanarwa mai adadin awanni. Zai kuma nemi a liƙa takardar tambayoyin da aka cike a jikin kwangilar, a rubuta cewa ɓangarenta ce. Idan kamfanin ya ƙi wannan na ƙarshe, sai a tambaye shi wace amsa ce ba ya son a riƙe shi da ita, a dakatar da sa hannu har ya faɗa.