Idon Mutum Ba Ma'aunin Zurfin Ruwa Ba Ne

Ni malami ne mai koyar da ilmin fiziya a makarantar sakandare, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata mas'ala guda daga cikin darussan da nake bayarwa, wadda yara suke haddacewa domin jarrabawa kawai, alhali kuwa ta shafi ransu a duk lokacin da damina ta cika kududdufai da ramukan da aka haƙi ƙasar gini. Mas'alar ita ce, ruwa ya fi yadda ido yake ganinsa zurfi, kuma wannan hukunci yana da sababi da lissafi waɗanda duk mai hankali zai iya bi ya tabbatar da kansa.

Asalin bayanin yana cikin sha'anin igiyoyi, domin sauti da haske da saƙon rediyo duk tafiya suke yi irin ta igiyar ruwa, kuma kowace igiya tana da siffofi uku. Na farko shi ne yawan kaɗawa, wato adadin igiyoyin da suke wuce wani wuri guda a cikin daƙiƙa ɗaya, alamarsa f, ma'auninsa Hz. Na biyu shi ne tsawon zango, wato tazarar da ke tsakanin ƙololuwar igiya ɗaya da ƙololuwar wadda ke biye da ita, alamarsa λ, ana auna shi da mita. Na uku shi ne sauri, alamarsa v. Da yake kowace igiya idan ta wuce ta ci nisan zango ɗaya, nisan da aka ci a daƙiƙa shi ne yawan igiyoyin sau tsawon kowace:

v = f × λ

Ga yadda nake nuna wa ɗalibaina wannan a bakin kududdufi. Mukan kafa sanda a cikin ruwa, yaro ɗaya ya riƙa tsoma katako yana ɗagawa a kan kari guda, wani kuma ya riƙe agogo yana ƙirga. A ce igiyoyi 20 suka bugi sandar a cikin daƙiƙa 10, to, yawan kaɗawa ya zama 2 Hz. A ce kuma mun auna daga ƙololuwa ta farko zuwa ta biyar muka sami mita 1.6. A nan ne yawancin yara suke tuntuɓe, domin sukan raba da biyar su sami 0.32, alhali ƙololuwa biyar tazara huɗu ce kawai a tsakaninsu, saboda haka zango ɗaya mita 0.4 ne, saurin igiyar kuwa 2 × 0.4, wato mita 0.8 a daƙiƙa. Wanda yake son ya gwada amsarsa, sai ya bi ƙololuwa guda da ido, ya ga ko ta ci mita 4 a daƙiƙa 5. In ba ta ci ba, akwai kuskure a ƙirgensa.

Dattawanmu masu sauraren rediyo sun daɗe da sanin wannan lissafi a aikace, ko da ba su rubuta shi ba. Saƙon rediyo yana tafiya da saurin haske, kimanin mita miliyan 300 a daƙiƙa. Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna ya shahara a kan gajeren zango a lamba 6090 kHz, wato kaɗawa miliyan 6 da dubu 90 a daƙiƙa, kuma idan aka raba miliyan 300 da wannan adadi sai a sami mita 49 da ɗoriya, wanda shi ne ma'anar faɗar masu gabatarwa cewa ana kama su a kan mita 49. Rediyon Freedom na Kano kuwa, da ke kan 99.5 MHz, zangonsa mita 3 ne da ɗan abin da ba a rasa ba. Kuskuren da na fi gani a takardun yara shi ne su raba 300 da 6090 ba tare da sun mayar da kHz zuwa Hz ba, su kawo amsar da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Saboda haka nakan ce musu su dubi amsarsu da idon hankali kafin su ja mata layi.

To, idan haske ya isa fuskar ruwa, kashi biyu yake rabuwa: wani ya dawo, wani ya shiga. Ƙa'idar wanda ya dawo ita ce, kusurwar da ya faɗo da ita daidai take da kusurwar da ya tashi da ita, da sharaɗin a auna su duka daga layin da ya tsaya cak a kan fuskar ruwan ko ta madubin. Idan aka ce haske ya yi digiri 30 da fuskar madubi, kusurwar faɗowarsa digiri 60 ce, kuma yaron da ya rubuta 30 ya faɗi tambayar. Wanda ya leƙa ruwa ta sama kai tsaye, kimanin kashi 2 cikin 100 ne kaɗai na hasken yake dawowa daga fuskar ruwan, shi ya sa yake iya hangen ƙasa idan ruwan ya kwanta; amma wanda ya tsaya daga nesa yana kallo a karkace, mafi yawan abin da yake gani hoton sama ne da na itatuwa, domin dawowar haske tana ƙaruwa gwargwadon karkatar kallo.

Hasken da ya shiga ruwan kuwa shi ne tushen maganarmu. Haske a cikin ruwa ba ya iya saurin da yake yi a iska. Daga mita miliyan 300 a daƙiƙa yakan sauko zuwa kimanin miliyan 225. Idan aka raba na farko da na biyu sai a sami 1.33, wato huɗu bisa uku, kuma wannan adadi shi ne ma'aunin karkatar da haske na ruwa, alamarsa n. Na gilashin taga kimanin 1.5 ne. Abin lura a nan shi ne yawan kaɗawa ba ya sakewa, domin igiyoyin da suka iso bakin ruwa a daƙiƙa su ne dai suke shiga a daƙiƙar, babu wadda ta ɓace babu wadda aka ƙaro. Tun da f na nan yadda yake, v kuma ya ragu, ala tilas λ ya gajarta: hasken da zangonsa nanomita 600 ne a iska yakan koma 450 a ruwa. Misalin abin da ke faruwa kamar amalanken shanu ne da ya baro ƙasa mai tauri ya shiga rairayi a karkace. Ƙafar da ta riga shiga ta rage gudu alhali ɗayar tana kan gudunta, sai amalanken ya juya. Haka gefen igiyar haske da ya riga taɓa ruwa yake rage sauri kafin ɗaya gefen, sai hasken ya karkata zuwa ga layin tsaye. Lissafinsa, idan i ita ce kusurwar faɗowa, r kuma kusurwar cikin ruwa, shi ne:

n = sin i ÷ sin r

Idan haske ya faɗo da digiri 45, sin i ya zama 0.707, a raba da 1.33 a sami 0.53, wanda ya ba da digiri 32 a cikin ruwa.

Wannan ilmi ba baƙo ba ne ga malaman Musulunci. Ibn Sahl ya rubuta ƙa'idar karkacewar haske a Bagadaza wajen shekara ta 984, fiye da shekara ɗari shida kafin Snell mutumin Holan ya sake gano ta a 1621. Hasan Ibnul Haisam kuma, wanda aka haifa a Basra wajen 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya kafa hujja a cikin Kitabul Manazir cewa gani yana samuwa ne da hasken da ya taso daga abu ya shiga ido, saɓanin masu cewa ido ne yake fitar da haske. A kan wannan hujja tasa hukuncin zurfin ruwa ya ginu.

Hasken da ya taso daga gindin kududdufi, idan ya fito iska, yakan karkata nesa da layin tsaye kafin ya shiga ido, ido kuwa ba shi da labarin karkatar, sai ya bi hasken a miƙe ya ajiye gindin a wurin da ya fi na gaskiya kusa. Ga mai leƙawa ta sama, zurfin da ake gani kashi uku ne cikin huɗu na zurfin haƙiƙa. Saboda haka idan ido ya ce mita 1.2, gaskiyar ita ce 1.2 × 4 ÷ 3, wato mita 1.6. Yanzu a ɗauki yaro mai tsawon mita 1.3, wanda ya dubi ruwa ya ƙiyasta santimita 90, ya ce iyakarsa ƙirjinsa. Ruwan nan santimita 120 ne, ya wuce masa baki da hanci. Wannan ma shi ne mafi sauƙin kuskuren, domin wanda ya tsaya a gaɓa yana hangen tsakiya a karkace zai ga gindin ya fi haka tasowa, har ya zaci tsakiyar ta fi baki rashin zurfi, alhali a ramin da aka haƙa tsakiyar ce ta fi nisa. Idan kuwa ruwan ya gurɓace da laka, kamar yadda yake a yawancin kududdufanmu bayan an yi ruwan sama, lissafin bai da wurin aiki sam, domin hasken ba ya ko dawowa daga gindin, sai dai a auna da gora.

Duk wanda yake son shaida, ya zuba ruwa mai tsabta a bokiti har tsawon santimita 40, ya jefa kwabo, ya leƙa ta sama, sa'an nan ya sa yatsa a bayan bokitin daidai inda yake ganin kwabon; zai tarar yatsan yana wajen santimita 30 daga saman ruwan. Ko kuma ya sa kwabon a kwano mara ruwa, ya ja da baya har bakin kwanon ya ɓoye shi, wani ya zuba ruwa a hankali ba tare da ya motsa shi ba, sai ya ga kwabon ya bayyana alhali bai gusa daga inda yake tsaye ba.

Roƙona ga iyaye, da malaman boko da na allo, shi ne a yi wa yara wannan gwaji na bokiti kafin damina ta kankama, a sa su auna da hannunsu, sa'an nan a kafa musu doka cewa ba a shiga ruwan da ba a sani ba sai babba ya auna shi da sanda, a baki da kuma can gaba. Allah ya tsare mana zuriyarmu, amin.