An zare maka kuɗi a asusu, na'ura ba ta ba ka ko sisi ba

Shekarata ta takwas ke nan ina aikin banki a Kano, kuma rabin shekarun na yi su ne tsakanin teburin sauraron koke da ɗan ɗakin da ke bayan na'urar cire kuɗi, inda muke loda mata takardu muna ƙirga abin da ya rage. Koken da ya fi yawan zuwa gabana guda ɗaya ne: "Na sa kati, na ji tana ƙirge, alat ya shigo, amma ba ta ba ni komai ba." Mai maganar yakan zo ransa a ɓace, kuma yana da gaskiya, domin sau da yawa kuɗin cefane ne ko na magani. Abin da nake fara faɗa wa kowa shi ne kuɗin nan ba ɓata suka yi ba. Suna da sawu, kuma ana iya bin sawun, muddin an san wace cira ce ake magana a kai.

Idan ka danna adadin da kake so, na'urar ba ta da ikon ba ka kuɗi da kanta. Sai ta aika tambaya zuwa bankin da ya ba ka katin, in bankin daban ne ta bi ta hannun kamfanin da ke haɗa bankuna, irin su Interswitch. Bankinka ya duba asusunka, ya zare kuɗin, sannan ya mayar da amsa cewa a biya ka. Wato zarewa tana riga biya, shi ya sa alat yakan shigo kafin ka ga takarda ko ɗaya. A 'yan daƙiƙun da ke tsakani ne matsala take faruwa. Ko sabis ya yanke amsar ba ta iso ba, ko a ɗauke wuta kafin janareta ya kama, ko wata tsohuwar dubu ɗaya da ta yi laushi ta naɗe a hanya ta tare na bayanta. A lokacin hunturu ƙura ma tana ba mu wahala, robobin da ke jan takardu su riƙa sulɓewa. Na'urar da ta kasa biya takan aika saƙo na biyu cewa a mayar maka da kuɗinka. In wannan saƙon ya isa, cikin 'yan mintoci za ka ga sun dawo. In shi ma ya maƙale a hanya, to sai mutum ya sa hannu.

Mu da ke bayan bango muna da shaida biyu. Na'urar tana rubuta duk abin da ya faru a wani kundi nata: lokacin da kati ya shiga, nawa aka nema, ko an miƙo takardu, ko an karɓe su. Sannan akwai ƙirga. In lissafi ya nuna ya kamata a tarar da naira 800,000 a cikinta, muka ƙirga har da akwatin da take jefa takardun da suka maƙale muka sami 820,000, mun san akwai mai naira 20,000 da bai karɓi haƙƙinsa ba.

To, ga abin da za ka yi tun kana tsaye a gabanta. Kada ka juya nan take. Tsaya har allon ya koma yadda yake kafin ka sa kati, ko da na bayanka suna gunaguni. Na taɓa kallon hoton kyamara inda wata baiwar Allah ta zare katinta ta tafi cikin fushi, bayan 'yan daƙiƙu bakin na'urar ya buɗe ya miƙo kuɗin, wanda ke bin ta a layi ya sa a aljihu. Irin wannan shi ne mafi wuyar warwarewa, domin kundin zai nuna an biya kuma an karɓa. Idan allon ya rubuta wani abu kamar "Unable to dispense cash", ɗauki hotonsa da waya. In ta ba da rasit, adana shi. Ka riƙe sunan bankin da ke da na'urar, da reshen, da wadda ka yi amfani da ita in suna da yawa a jere, da ƙarfe nawa ne har da minti. In kuma ta ba ka wani abu amma bai cika ba, ƙirga shi a wurin, gaban kyamara, ka rubuta nawa ka nema nawa ka samu.

Kafin ka hau adaidaita zuwa banki, duba asusunka ta manhajar waya ko lambar da ake dannawa. Da yawa sukan zo mana da koke alhali kuɗin sun dawo tun jiya, saƙon ne kawai bai shigo ba. A jerin shige da ficen asusu za ka ga layin da aka rubuta REV ko RVSL ko Reversal da adadin da aka zare.

In ba su dawo ba, bankin da ya ba ka kati za ka nufa, ko da na'urar ta wani banki ce. Nan ne mutane suka fi shan wahalar banza. Mutum zai wuni a harabar bankin da ke da na'urar yana rigima da mai gadi, alhali su ba su da asusunsa, ba su kuma da hanyar zuba masa kuɗi kai tsaye. Bankinka ne zai shigar da buƙata a madadinka, wancan ya duba kundinsa ya amsa ko ya musa da hujja.

Bari in ba da labarin wani dattijo mai sayar da hatsi, abokin hulɗarmu, domin abin da ya same shi yana samun mutane da yawa. Ranar wata Juma'a da yamma ya je na'urar wani banki da ba namu ba ya nemi naira 20,000. Ta yi ƙara ta yi shiru, alat ya nuna an zare 20,100, ɗarin nan ladan amfani da na'urar wani banki ce. Da ya ga haka sai ya sake gwadawa bayan minti uku, wannan karon ta biya shi, aka sake zare 20,100. Ranar Litinin ya zo ya cike takardar koke, abin da ya rubuta kawai shi ne ranar Juma'a da naira dubu ashirin. Wanda ya karɓi takardar a wajenmu ya duba asusun ya ɗauki cirar da ta fara faɗo masa a ido, wato ta biyun, ya tura. Wancan bankin ya mayar da amsa da shafin kundinsa: an miƙo kuɗi, an karɓa. Aka rufe koken.

Bayan mako guda ya dawo ya zauna gabana, ya ajiye hularsa a kan tebur. Ya ce, "Ɗana, da furfurata zan yi ƙarya a kan dubu ashirin?"

Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba. Sau nawa ka sa katin a ranar?"

Ya ce sau biyu. Na buga takardar asusunsa muka duba tare. Ga layi biyu, adadi ɗaya, na'ura ɗaya, amma ɗaya ƙarfe 5:42 ɗaya 5:45, kuma kowanne da lambarsa daban. Kowace cira tana da lambar shaida mai alƙaluma 12 da muke kira RRN, ba ta taɓa zama ɗaya da ta wata cirar da ka yi. Na sake shigar da koken da lambar ta 5:42. Kundin nasu ya nuna takardu sun maƙale a wannan karon, kuma kwana biyu bayan haka kuɗinsa suka dawo. Laifin farko namu ne, ya kamata a tambaye shi. Amma ranar da layi ya kai bakin ƙofa ba kowane ma'aikaci ne zai tsaya tambaya ba, don haka kai ka zo da bayaninka a shirye. In ka gwada fiye da sau ɗaya, ka faɗa tun farko, ka nuna wadda ta biya da wadda ba ta biya ba, ka sa a rubuta lokacin a takardar. Shawarata ma ita ce in na'ura ta zare ba ta biya ba, kada ka maimaita adadin a kanta. Koma wata, ko ka canja adadin, ka nemi 15,000 maimakon 20,000, don kada cirar biyu su yi kama.

Takardar da za ka nema ita ce wadda ake rubuta Dispense Error a samanta. Bankuna da dama suna karɓar wannan koke ta manhajarsu ko ta layin wayar da ke bayan kati. Ta kowace hanya ka bi, kada ka rabu da su sai an ba ka lambar koke. "Je ka, za su dawo" ba shaida ba ce, lambar nan ita ce abin da za ka riƙe in magana ta yi tsawo.

Akwai wa'adi, kuma ba alfarma ake yi maka ba. Tun watan Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna cewa in katinka da na'urar na banki ɗaya ne, a mayar da kuɗin nan take, in hakan ya gagara saboda matsalar na'ura kada ya wuce awa 24. In na'urar ta wani banki ce, awa 48. Na masu POS kuwa awa 72. Ba zan ɓoye maka ba, ana wuce wa'adin nan, musamman in abin ya faɗo a ƙarshen mako ko hutun sallah, kuma raina ba ya son yadda wasunmu suka mayar da "ka dawo bayan kwana bakwai na aiki" amsar kowa. Ka ambaci wa'adin cikin ladabi, za ka ga an gyara zama. In aka ce an musa kokenka, ka nemi a nuna maka shafin kundin da aka kafa hujja da shi, ka gwada lokacin da ke jiki da na alat ɗinka. In har yanzu ba ka gamsu ba, ka nemi a duba hoton kyamara, kuma ka yi hakan da wuri domin ba har abada ake ajiye shi ba.

Idan mako biyu suka cika bankinka bai warware ba, ka rubuta wa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki ta cpd@cbn.gov.ng. Ka sa sunanka, da sunan bankin, da rana da wurin da abin ya faru, da adadin, da lambar koken da aka ba ka. Ba sa sauraron wanda bai fara kai kuka bankinsa ba, shi ya sa na nace a kan lambar.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Mutum ya rubuta kukansa a dandalin sada zumunta, kafin awa guda wani ya kira shi da murya mai daɗi ya ce daga banki yake, zai mayar masa da kuɗinsa yanzun nan in ya karanto lambobin katinsa da lambar da za ta shigo wayarsa. Na ga wanda ya bi sawun dubu goma ta wannan hanya aka kwashe masa jarinsa kaf. Don mayar maka da kuɗi, abin da muke buƙata daga katinka bai wuce lambobi shida na farko da huɗu na ƙarshe ba. Duk wanda ya nemi lambar sirrinka, ko ukun da ke bayan kati, ko wadda aka turo maka ta saƙo, ɓarawo ne, kashe wayar. Don Allah ka gaya wa iyayenmu da ke gida wannan, su ne aka fi kira.