Imoji da Hausar Rukuni

A darasin da ya gabata an ga yadda shekaru kan raba masu magana da harshe ɗaya zuwa rukuni-rukuni, kowane da irin sararsa. Wannan rabuwa ta bi mu har cikin saƙon waya, musamman wajen amfani da imoji, wato 'yan hotunan nan da ake liƙa wa rubutu. Kalmar ta Japananci ce, ma'anarta hoton da ke matsayin harafi. Shigetaka Kurita ya zana guda 176 a shekarar 1999, sannan a 2010 aka shigar da imoji cikin tsarin Unicode. Tsarin ya ba kowane hoto suna da lamba, amma bai ɗaure masa ma'ana ba.

Aikin imoji a rubutu shi ne aikin da rausayar murya da yanayin fuska ke yi a magana. Don haka idan aka saɓa wajen fassara hoton, to jimlar duka ta sauya launi.

Mu ɗauka wata ɗaliba ce daga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma take gwajin koyarwa a Kurfi. Ta tura wa kawunta: "Kawu, yau ɗalibaina sun gama da ni 😭." A wurinta da tsararrakinta, wannan kuka na dariya ne da ta kai maƙura, kamar a ce "na mutu da dariya", wasunsu ma ƙoƙon kai 💀 suke sawa. Shi kuwa kawu hawaye ya gani, sai ya bugo waya hankali a tashe. Akan sami akasin haka: dattijo ya sanar da rasuwa ya liƙa 😂, don hawayen ya lura da su, bai kula da buɗaɗɗen bakin ba. Babba yakan karanta hoto ne a ma'anarsa ta sarari, matashi kuwa a ta ɓoye.

Babban yatsa 👍 ya fi waɗannan sarƙaƙiya, saboda ya taɓa ladabi. Idan ɗalibar ta rubuta wa shugaban makaranta doguwar neman uzuri ya amsa da 👍 kawai, nufinsa "na gani, na amince", ita kuwa sai ta ji kamar an gwasale ta. Amma idan ita ce ta amsa gaisuwarsa da yatsa, laifin ya fi girma, domin a al'adar Bahaushe ƙarami ba ya amsa wa babba da nuni. A nan hoton bai isa ba, sai an haɗa da kalma.

Wajen tantance ma'ana, a fara da kalmomin saƙon, sannan a dubi shekarun mai turawa da dangantakarsa da mai karɓa. Idan hoto ya ci karo da kalmomi a saƙon dattijo, kalmomin ne abin riƙo.

Aikin Yi

1. Tattaro imoji biyar, ka tambayi matasa uku da dattawa uku ma'anar kowane, ka kwatanta amsoshinsu.
2. Sake rubuta saƙon ɗalibar yadda kawunta ba zai firgita ba.