Darasi: Ƙwayar Dare ta Baba

A yankinmu na Funtuwa da Malumfashi, akan ba dattawa masu wahalar fitsari ƙwayar Terazosin. Mu duba irin takardar da mai harhaɗa magani kan rubuta:

"Baba, ka sha ƙwaya ɗaya, miligiram 1, lokacin kwanciya. Tana saukar da bugun jini, saboda haka in fitsari ya tashe ka, zauna bakin gado tukuna kafin ka miƙe. In jiri ya ɗebe ka, koma ka kwanta. Washegarin shan farko kada ka tuƙa babur. In ka yi kwanaki ba ka sha ba, dawo wurinmu tukuna."

Mu karanta wa iyayenmu takardar, mu ajiye musu tocila kusa da shimfiɗa, domin faɗuwar tsoho cikin duhu takan karya ƙugu.